Yadda Ake Haɗa Ƙunshin Gwajin Intabiyu Ga Ɗaliban Ajin Ƙarshe

Karon farko da na shirya wa ɗaliban ajin ƙarshe gwajin intabiyu, kujera biyu kawai na ajiye a gaban aji, ina kiran su ɗaya bayan ɗaya ina jefa musu duk tambayar da ta faɗo mini a rai. An yi dariya, an tafa, kowa ya ce ya ji daɗi. Amma da na zauna daga baya na tambayi kaina me wani ya ƙaru da shi, sai na rasa amsa. Mutum shida ne suka samu zama a kujerar, sauran kallo suka sha, su shidan ma abin da na iya ce musu bai wuce "ka yi ƙoƙari, amma ka rage tsoro" ba. Tun daga ranar na daina shiga wannan aiki hannu rabbana. Yanzu ƙunshi nake haɗawa, wato ambulan guda mai ɗauke da duk takardun da mutum uku suke bukata don su yi wa junansu intabiyu ba tare da malami ya tsaya a kansu ba. Ga yadda nake haɗa shi, ko kai malami ne, ko shugaban aji, ko kuma ɗalibi ne da ya tara abokansa.

Kayan da za ka tanada

Abu na farko, kuma shi ne uwa uba, sanarwar neman ma'aikata ta gaskiya, wadda wata ma'aikata ta fitar tana neman sabon shiga. Sai sibi na kowane ɗalibi, wato takardar da ya jera karatunsa da ayyukan da ya taɓa yi, kwafi biyu-biyu. Sai farar takarda, almakashi, biro, da manyan ambulan, ɗaya ga kowane rukuni na mutum uku, da ƙananan ambulan uku a cikin kowane babba. Kowane rukuni yana bukatar agogon waya don auna lokaci, da kujera uku da teburi. Ɗakin ya zama mai faɗin da za a iya barin kamar taku huɗu tsakanin rukuni da rukuni, don in sun matsu, kowa zai riƙa kwafar amsar maƙwabcinsa.

In babu firinta, a rubuta katunan da hannu, ba abin da zai ragu. In babu teburi, kujeru sun wadatar, amma a sa su suna fuskantar juna, kada a zauna kafaɗa da kafaɗa kamar masu hira. Abin da ba ni yarda a maye gurbinsa shi ne sanarwar aikin. In ka ƙirƙire ta daga kanka, za ka rubuta abin da kake zaton ma'aikatu suna so, ɗalibai kuma su shirya wa zatonka.

1. Zaɓi sanarwa ɗaya, ka feɗe ta

Ka guji kwaɗayin tara sanarwa goma don kowa ya samu tasa. Guda ɗaya ta ishi aji, muddin aikin na sabon shiga ne kuma yawancin ɗaliban za su iya nemansa. Misalin da zan yi ta komawa kansa shi ne aikin mataimakin jami'in sito a kamfanin rarraba kaya, domin ɗalibin kasuwanci, da na lissafi, da na tattalin arziki duk suna iya nema.

Ka ɗauki biro ka ja layi a ƙarƙashin duk abin da sanarwar ta ce mutum zai riƙa yi da hannunsa ko da bakinsa. Kalmomin ado irin su "mai hazaƙa" da "mai kishin aiki" ka tsallake su, babu yadda za a auna su a minti goma sha biyu. A sanarwar sito, abin da ya rage bayan tankaɗe huɗu ne: riƙe lissafin kayan da suka shigo da waɗanda suka fita ba kuskure, aiki da Excel, mu'amala da direbobi da masu kawo kaya, da kuma iya aiki idan abubuwa suka cakuɗe lokaci ya ƙure. Waɗannan huɗun su ne ginshiƙin ƙunshin gaba ɗaya. Duk tambayar da za ka rubuta, dole ka iya nuna wanne daga cikinsu take aunawa. In ka fitar da fiye da biyar, rage, don mai ba da maki ba zai iya riƙe su a ka yana sauraro ba.

2. Rubuta tambayoyin

Tambaya iri uku nake sa wa a kowane kati, ban da ta gwada sanin aiki. Ta buɗe taro, irin "gabatar mana da kanka" ko "me ya ja hankalinka ga wannan aiki". Sai ta abin da ya wuce, wadda ke farawa da "ba mu labarin wani lokaci da". Sai ta abin da ka iya faruwa, wadda ke farawa da "a ce kana bakin aiki, sai". Wannan ta ƙarshen, wani masani mai suna Gary Latham da abokan aikinsa ne suka fito da tsarinta a rubuce a 1980, kuma tana da amfani ƙwarai ga ɗalibi, tunda bai taɓa riƙe aikin ba balle ya ba da labarinsa.

Kati ɗaya, tambaya biyar: ta buɗewa ɗaya, ta abin da ya wuce biyu, ta abin da ka iya faruwa ɗaya, sai ta gwada sanin aiki ɗaya. Ga irin waɗanda na sa a katin sito:

"Ba mu labarin wani lokaci da ka gano kuskure a lissafi ko a bayanan da aka damƙa maka. Yaya ka gano, me ka yi?"

"Ba mu labarin wani lokaci da dole ta sa ka yi aiki da mutumin da ba ya sauke nasa nauyin."

"A ce ranar ƙidayar kaya ce, littafi ya ce akwai kwali 120, ka ƙirga ka samu 114. Ta ina za ka fara?"

"Kana da jerin kaya 300 a Excel, ana so ka fitar da waɗanda suka rage ƙasa da guda 10. Yaya za ka yi?"

A ƙarƙashin kowace tambaya ka rubuta 'yan tambayoyin bin diddigi guda biyu, domin ɗalibin da ke kujerar mai tambaya bai san yadda ake tono ba. Waɗanda suka fi yi mini aiki su ne "kai da kanka me ka yi?" da "ƙarshenta me ya faru?". Ta farkon ita ce maganin masu cewa "muka yi, muka tsara, muka gama" alhali ba a san ko suna cikin masu yin ba ko masu kallo.

Ga kuskuren da ni ma na tafka: kati ɗaya na rubuta wa rukuni duka. Na farko ya sha wuya, na biyu ya ɗan gyara, na ukun kuwa ya riga ya ji tambayoyin sau biyu, ya zo ya zuba hadda. Don haka kati uku za ka rubuta, na zagaye na ɗaya, na biyu, na uku. Ginshiƙan nan huɗu ba sa canzawa, tambayoyin ne ke sauya riga.

3. Rubuta takardar maki kafin kowa ya buɗe baki

A nan aikin yake, kuma a nan mutane suka fi yin ha'inci. Takardar da aka rubuta wa "ƙwazo", "natsuwa", "iya magana" aka ce a ba da maki daga 1 zuwa 10, ba ta auna komai sai farin jini. Mai murya da fara'a zai kwashe 9, mai sanyin magana ya tashi da 5 ko da amsarsa ta fi ma'ana.

Dalilin da ya sa nake nacewa a kan wannan, binciken masana ya daɗe da nuna cewa intabiyu mai tsari, wanda ake yi wa kowa tambaya iri ɗaya a auna amsa da ma'auni ɗaya, ya fi hirar kara-zube iya hasashen wanda zai iya aiki. Frank Schmidt da John Hunter sun tattara binciken shekara 85 a 1998 suka nuna haka, sannan a 2022 Paul Sackett da abokan aikinsa suka sake bin lissafin, intabiyu mai tsari ya fito a sahun gaba cikin hanyoyin tantance ma'aikata. Manyan ma'aikatu da yawa haka suke yi, saboda haka gara ɗalibi ya saba da ma'aunin da zai tarar.

Maki 1 zuwa 5 nake amfani da shi, kuma ga kowace tambaya ina rubuta yadda amsar 1 take, da ta 3, da ta 5, a bar 2 da 4 ga wadda ta faɗa tsakani. Ɗauki tambayar kwali 120 da 114. Amsar maki 1 ita ce wadda ta yi tsalle zuwa zargi, "zan ce an sace", ko kuma "zan gyara littafin ya dace da abin da na ƙirga". Amsar maki 3: zai sake ƙirgawa, sannan ya sanar da shugabansa. Amsar maki 5: zai sake ƙirgawa tare da wani a matsayin shaida, ya bi takardun shigowa da na fita tun daga ƙidayar da ta gabata, ya duba ko an ajiye kayan a wani layi ko an ware wasu saboda lalacewa, ya rubuta rahoton bambancin kwali 6, kuma ba zai taɓa littafin ba sai da izini. Ka ga da wannan a hannu, ɗalibin da bai taɓa shiga sito ba ma zai iya ba da maki daidai.

Tambayoyin abin da ya wuce kuwa, abu huɗu ake nema a cikin amsa: wane hali aka shiga, wane nauyi ne a kansa, wane mataki ya ɗauka, me ya biyo baya. Ka yi ƙananan akwatuna huɗu a gefen tambayar, mai ba da maki ya riƙa sa alama yana ji. Na lura akwatin ƙarshe ne ya fi zama fanko. Ɗalibi zai kwashe minti biyu yana bayanin yadda rikicin furojet ɗinsu ya faro, ya ba matakin da ya ɗauka jimla ɗaya, sakamako kuwa ko oho.

A ƙasan takardar ka bar fili mai layi uku da kan magana "abin da ya faɗa da bakinsa". Dole mai ba da maki ya rubuta aƙalla jimla ɗaya da ya ji, kalma da kalma. Amfaninta zai fito a mataki na 7.

4. Haɗa katin kwaikwayo

Kwaikwayo shi ne a jefa ɗalibi cikin wani yanayi na aikin a ga yadda zai yi, maimakon ya faɗi yadda zai yi. Kowane kwaikwayo kati biyu ne da ba a haɗa su. Ɗaya na mai neman aiki, gajere, bayanin halin da yake ciki kawai. Ɗaya na abokin wasa, wanda ke ɗauke da sirrin da mai neman aikin bai sani ba. In babu wannan sirri, wasan zai zama musu, wanda ya fi ɗaga murya ya yi nasara.

Ga na sito. Katin mai neman aiki ya ce: "Makonka na biyu ke nan a aiki. Saura minti 20 a tashi. Direba ya sauke kaya, takardar rakiyar kaya ta ce kwali 50, ka ƙirga 48. Shugabanka ya fita, wayarsa ba ta shiga. Direban yana so ka sa hannu."

Katin direba ya ce: "Ka girme shi nesa ba kusa ba, kuma ka daɗe kana kawo kaya nan. Kana sauri, akwai inda za ka sauke wasu kafin dare. Ka matsa masa ya sa hannu a kan 50. Gaskiyar magana, kwali 2 sun jiƙe a hanya, suna cikin mota, kana tsoron a cire kuɗinsu daga albashinka. Kada ka faɗa sai in ya tambaye ka cikin mutunci ko wani abu ya faru a hanya. In ya zarge ka da sata, ka fusata. In ya ce zai sa hannu a kan 48 ya rubuta bayani ku sa hannu tare, ka ɗan ja, sannan ka yarda."

Wata ɗaliba ce ta fi burge ni a wannan wasa, mai sanyin murya, wadda a intabiyun da ƙyar ake jin ta. Direban ya buga teburi ya ce, "Ke yarinya, tun kafin ki shiga jami'a nake kawo kaya nan. Sa hannu in wuce."

Ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, ban ƙi ta taka ba. Zo mu ƙirga tare, wataƙila ni na yi kuskure."

Suka yi kamar sun ƙirga, 48 dai. Sai ta ce, "To Baba, ko akwai abin da ya faru a hanya? In akwai, gara mu rubuta shi yanzu da ni da kai, da a gano gobe ba ka nan."

Nan take wanda ke wasan direban ya duba katinsa ya saki, ya faɗi zancen jiƙewar. Minti uku ba su cika ba. A rukunin da ke kusa da su kuwa, wani saurayi da ya fi kowa maki a intabiyu ya buɗe baki da "ina ka kai kwali biyu?", suka yi ta cacar baki har lokaci ya ƙare, ba a sa hannu ba, ba a gano komai ba. Wani kuma tausayi ya kama shi ya sa hannu a kan 50, wanda a aikin gaske ya ɗauki bashin kwali 2 a wuyansa ke nan.

Ma'aunin wasan abu huɗu ne, kowanne eh ko a'a: ya ƙi sa hannu a kan abin da bai karɓa ba, ya yi tambaya kafin ya yanke hukunci, ya riƙe mutuncin direban, ya kawo mafita a rubuce. Sauran kwaikwayo biyun ka gina su a kan wannan ƙira. Ni nakan yi na ma'aikacin wani sashe da ke son a ba shi kaya ba takardar izini saboda gaggawa, da na mai kawo kaya da ke ƙorafin an mayar masa da kayansa. Kowanne da abin da aka ɓoye, da kuma ƙofar da in an ƙwanƙwasa za ta buɗe.

Gargaɗi: ka rubuta wa abokin wasa iyakarsa a fili. Akwai ɗaliban da in aka ba su damar fushi sai sun wuce gona da iri, su mayar da abin wasan ban dariya. Layi ɗaya ya isa: "Babu zagi, babu tashi daga kujera."

5. Cika ambulan

Kowane ƙaramin ambulan zagaye ɗaya ne. A ciki akwai katin tambayoyi, katin kwaikwayo guda biyu a ninke an rubuta na wane ne a baya, da takardar maki biyu, ta mai tambaya da ta mai lura, wato na ukunsu da ke zaune yana sauraro. Ka liƙe, ka rubuta 1, 2 ko 3. A cikin babban ambulan, ban da waɗannan ukun, ka sa kwafin sanarwar da takarda ɗaya mai jadawalin lokaci. Ajin mutum 30 rukuni 10 ke nan, wato babban ambulan 10, ƙanana 30, takardar maki 60. Ka ƙara kamar 6 a gefe, ba a rasa mai ɓata tasa.

Sanarwar aikin kuwa a raba ta mako guda kafin ranar, a ce kowa ya gyara sibinsa ya dace da ita, ya kuma zo da labari uku na abin da ya taɓa yi. A nan za ka ji kuka: "Malam, ni fa ban taɓa aiki ba." Ka ce masa ya duba furojet ɗinsa, da watannin koyon aiki, da riƙon kuɗin ƙungiya, da taimakon da ya yi a sana'ar gida, da karantar da yara. Wanda ya riƙe kuɗin ƙungiyar ɗalibai shekara guda ya fitar da lissafi ba a samu giɓi ba, yana da amsar tambayar farko ta katin sito, bai dai sani ba ne.

6. Ranar gwaji

Kai za ka raba rukunan, kada ka bari su zaɓa. Aminai ba sa iya yi wa juna intabiyu, da an haɗa ido sai dariya, kuma ba mai iya ba amininsa maki 2. Ni lamba nake sa su ƙirga, masu lamba iri ɗaya su haɗu.

Minti 15 na farko na bayani ne, kuma a ciki nakan karanta amsa ɗaya da na shirya, in ce kowa ya ba ta maki a ɓoye sannan a ɗaga hannu. Za ka ga wani ya ba da 2, wani 5. Ku tsaya ku daidaita da abin da takardar ta ce. In ka tsallake wannan, makin rukuni ɗaya ba zai yi kama da na wani ba.

Kowane zagaye minti 25 ne. Intabiyu minti 12, kwaikwayo minti 5, a nan mai tambaya ne ke rikiɗa ya zama abokin wasa, kamar direba. Sai minti 3 na ba da maki, mai neman aiki ya ɗan ja gefe, su biyun kowa ya cika tasa takardar ba shawara. Sai minti 5 na gyara. Daga nan a juya: mai lura ya zama mai tambaya, mai tambaya ya zama mai neman aiki, wanda ya gama shan tambaya ya koma lura ya huta. Zagaye uku minti 75, da bayanin farko da minti 20 na rufewa, abin bai kai awa biyu ba.

Mai neman aiki ya fara daga tsaye, ya yi sallama, ya jira a ba shi wurin zama. Da yawa suna raina wannan, amma wanda bai taɓa gwada shigowa ba, ranar gaske sai ka ga ya rasa inda zai ajiye fayil ɗinsa. A yi tambaya da amsa da harshen da za a yi intabiyun gaske da shi, ko da ana tuntuɓe, gyara kuma a yi da harshen da ya fi sauƙi. Mai tambaya kada ya taimaka. In ɗalibi ya yi shiru, a ƙirga goma a zuci kafin a maimaita tambayar. Shirun nan yana cikin darasin.

In adadi bai rabu uku-uku ba, ka yi rukunin mutum huɗu mai masu tambaya biyu, wanda ma ya fi kama da kwamitin gaske, sai dai zai bukaci ambulan na huɗu da ƙarin minti 25. Rukunin mutum biyu shi ne ba na so, domin mai tambaya ba ya iya tambaya da saurare da rubutu lokaci guda. In dole ta sa, a ɗauki sautin da waya a saurara tare. Idan kuma aikin da ake nema ta bidiyo ake intabiyunsa, a yi zagaye ɗaya ta waya daga ɗaki biyu, a duba haske da sauti da inda ido ke kallo.

Kai kuma aikinka zagayawa da kiran lokaci. Ka tsaya bayan mai neman aiki inda ba ya ganinka, ka saurara, ka rubuta, kada ka sa baki.

7. Gyara

Minti biyar ɗin nan su ne ribar ranar, kuma in ba ka tsara su ba, za su ƙare a "wallahi ka yi ƙoƙari". Mai neman aikin ne zai fara, ya faɗi tambayar da ya ji ta fi ba shi wuya. Sai mai lura ya karanto jimlar da ya rubuta. Akwai bambanci tsakanin a ce wa mutum "ba ka da ƙarfin gwiwa" da a ce masa "da aka tambaye ka Excel, cewa ka yi 'ina ɗan taɓawa', alhali daga baya ka bayyana yadda ake tace jerin daidai". Ta farko ba abin da zai yi da ita sai jin haushi. Ta biyu gobe ma zai iya gyarawa.

Abu ɗaya da ya yi kyau, abu ɗaya da zai canza, shi ke nan. In aka jera masa laifi bakwai, ba zai riƙe ko ɗaya ba. Sannan, da zafi-zafi ake bugun ƙarfe, a sake yi masa tambayar da ya fi faɗuwa a kanta nan take, ya amsa cikin minti ɗaya. Takardun makin duka biyu nasa ne, ya tafi da su. Kada a kafe maki a allo, kada kuma a sa shi cikin sakamakon zango, domin da zarar ya zama jarrabawa, kowa zai ba ɗan'uwansa 5.

Yadda za ka gane zaman ya lalace ba wuya. In ka leƙa takardu ka ga 4 da 5 ne daga sama har ƙasa, kara ake yi wa juna. In makin mai tambaya da na mai lura suna bambanta da 2 ko fiye a tambaya guda a rukuni da yawa, laifin naka ne, bayanin ma'aunin bai fito ba. In intabiyu yana ƙarewa a minti 6, ba a yin tambayoyin bin diddigi. In kuma filin "abin da ya faɗa da bakinsa" fanko ne, mai lura kallo ya yi.

A minti 20 na rufewa, tambaya ɗaya nake yi wa aji: da kake kujerar mai tambaya, me ya gundure ka? Amsoshin da ke fitowa sun fi duk laccar da zan yi. Wani zai ce, "Malam, minti uku yana magana ban samu abin da zan rubuta ba." Wata ta ce ta gaji da jin "ni mutum ne mai ƙwazo" ba misali ko ɗaya. Wanda ya zauna da biro yana jiran sakamakon labari bai zo ba, shi ba ya sake ba da labari ya bar shi ba ƙarshe. Saboda haka kada ka yarda wani ya ce shi intabiyun kawai zai yi, ba zai yi tambaya ba.

8. Gyara ƙunshin kansa

Kafin takardun su tafi, ka ɗauki hoton ɓangaren maki ba tare da suna ba, ka duba tambaya-tambaya. Wadda kowa ya ci 5 ta yi sauƙi, a cire ta. Wadda kowa ya ci 1, ko dai an rubuta ta a murɗe, ko kuma ta tono giɓi na gaske a ajin, kamar yadda tambayar Excel ta taɓa nuna mini cewa yawancin waɗanda suka rubuta shi a sibinsu ba su taɓa tace jeri ba. Wannan sai a ware masa awa guda daban a gaban kwamfuta.

Bayan mako biyu ka maimaita zaman da sabbin rukuni da sababbin kati, amma ginshiƙan su zauna yadda suke, kowa ya zo da tsohuwar takardar makinsa ya miƙa wa mai lura, a ga ko abu ɗayan da aka ce ya canza ya canzu. Katin direba kuwa ba ya yin aiki sau biyu a aji ɗaya, sirrin kwali 2 ya riga ya zaga. Ka ajiye shi wa 'yan baɗi, ka rubuta sabo.